Yadda ake kawar da tushe daga intigiral ta hanyar musanya x da u

A kalkulas na shekarar farko akwai wata tambaya da take tsayar da ɗalibai cak, ko da sun iya sauran intigireshan ɗin. Ita ce wadda ake haɗa tushe iri biyu a wuri ɗaya, misali tushe na biyu, √x, a gefen tushe na uku, ∛x, ko kuma a cusa wani tushen cikin wani. Ina koyar da darasin maraice a nan Gusau, kuma masu zuwa wurina, ko 'yan Jami'ar Tarayya ta Gusau ne ko 'yan difloma da ke karatu a Ƙaura Namoda, kusan duk a wuri ɗaya suke maƙalewa. Sun haddace cewa ana sa u, amma ba su san wane u za a sa ba, ba su kuma san yadda za su gane tun da wuri ko zaɓin nasu zai kai su gaci ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan guda ɗaya ne. Musanyar tana aiki ne idan ka iya rubuta x kansa, da kowane tushen da ke cikin tambayar, da u ba tare da wani tushe ya rage ba. Idan duk suka fito tsaf, dx ma zai fito tsaf, intigiral ɗin kuma ya koma firakshan na folinomiyal bisa folinomiyal, wanda kullum akwai hanyar warware shi. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Ga tambayar da za mu bi daga farko har ƙarshe:

```
∫ dx / (√x + ∛x)
```

Mataki na farko: mayar da kowane tushe pawa, ka dubi lambobin ƙasa

√x shi ne x^(1/2), ∛x kuma x^(1/3). Rubuta su haka a gefen takarda kafin ka taɓa komai. Lambobin da ke ƙasan firakshan ɗin, wato 2 da 3, su kaɗai ne abin dubawa. Lambar sama ba ta da ta cewa a wurin zaɓen u. Da a ce x^(2/3) ne a tambayar, 3 ɗin za ka ɗauka ka bar 2 ɗin sama inda yake.

Yanzu sai ka nemi ƙaramar lambar da 2 da 3 duk za su raba ta ba saura, LCM ɗin nan da muka koya tun firamare. Ita ce 6. Dalilin neman ta kamar na mai awon hatsi ne da ke da kwano biyu, babba da ƙarami, yana son gwangwani ɗaya da zai auna kowanne daidai ba tare da an bar rabi ba. Gwangwanin namu shi ne x^(1/6): uku daga cikinsa in an ninka su suna ba da √x, biyu kuma suna ba da ∛x.

Ɗalibi yakan ce me ya sa ba za a sa x = u² kawai ba, tunda √x ne ya fi tsone ido. Gwada ka gani. √x zai zama u, amma ∛x zai zama u^(2/3), ka fitar da tushe ɗaya ka bar ɗaya. In ka sa x = u³, ∛x ya gyaru, √x ya koma u^(3/2). Sai pawar da duka biyun suka shiga cikinta ce za ta share su a tare.

Akwai kuma masu ninka lambobin ƙasa kai tsaye maimakon neman LCM. A 2 da 3 ba a ganin bambanci, domin 2 sau 3 shida ne. Amma in tambayar ta haɗa √x da x^(1/4), ninkawa za ta ba ka 8, alhali 4 ta wadatar. x = u⁸ ba kuskure ba ne, amsa za ta fito daidai, sai dai pawowin sun kumbura, wurin yin kuskuren alama ya ƙaru, lokacin jarrabawa kuma yana tafiya.

Mataki na biyu: rubuta x da u, ka fitar da dx nan take

```
x = u⁶,  u ≥ 0
dx = 6u⁵ du
√x = u³,   ∛x = u²
```

Ina tilasta wa ɗalibaina su rubuta waɗannan layuka uku a jere kafin su koma kan intigiral ɗin. Kuma ina so a rubuta x = u⁶, kada a fara da u = x^(1/6). Ma'anarsu ɗaya, amma in ka fara da ta biyun, difarenshiyeshan zai ba ka du = (1/6)x^(−5/6) dx, ka sake jawo wa kanka pawar firakshan ɗin da kake gudu. In ka fara da x = u⁶, dx yana faɗowa hannunka a layi ɗaya.

Sharaɗin u ≥ 0 ba ado ba ne. Tunda akwai √x a tambayar, dole x ya kasance sifili ko sama da haka. Kowane x da ya fi sifili kuma yana da u biyu da za su ba da shi: 2⁶ = 64, haka ma (−2)⁶ = 64. In ka ɗauki u = −2, u³ zai zama −8, alhali √64 takwas ne. Saboda haka √x = u³ gaskiya ne kawai idan u bai yi ƙasa da sifili ba. Duk lokacin da LCM ta zama lambar da 2 ke rabawa, rubuta wannan sharaɗin. Idan tushe na uku ne kaɗai ko na biyar, babu wannan damuwar, domin kowane x yana da u guda tak.

Mataki na uku: zuba su, ka soke abin da zai soku

```
∫ 6u⁵ du / (u³ + u²)
= ∫ 6u⁵ du / [u²(u + 1)]
= 6 ∫ u³ / (u + 1) du
```

A ƙasa an fitar da u² waje, sai ta soke biyu daga cikin pawa biyar ɗin sama. Tsaya nan ka duba abu biyu: babu x ko ɗaya da ya rage, babu kuma tushe ko pawar firakshan. In ka ga ɗaya daga cikinsu, kada ka ci gaba, koma mataki na farko.

Mataki na huɗu: rabawa

A nan ne maki ya fi zubewa, kuma abin da ke zubar da shi aljabara ce ta sakandare. Pawar sama 3 ce, ta ƙasa 1. Duk lokacin da pawar sama ta kai ta ƙasa ko ta fi ta, sai an yi doguwar rabawa kafin a yi intigireshan.

Raba u³ da u, ka sami u². Ninka u² da (u + 1), ka sami u³ + u². Ɗebe shi daga u³, saura −u². Raba −u² da u, ka sami −u. Ninka −u da (u + 1), ka sami −u² − u. Ɗebe shi daga −u², saura +u. A wannan gaɓar mutane da yawa ke rubuta −u, domin sun manta cewa ɗebe abin da ke da alamar ɗebewa tarawa ce. Raba u da u, ka sami 1. Ninka 1 da (u + 1), ka ɗebe daga u, saura −1. Ke nan:

```
u³ / (u + 1) = u² − u + 1 − 1/(u + 1)
```

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ya tuna cewa u³ + 1 = (u + 1)(u² − u + 1). Sai ya rubuta u³ a matsayin (u³ + 1) − 1, ya raba kowane ɓangare da (u + 1), amsar ta fito a layi ɗaya. Ni na fi son ɗalibi ya yi doguwar tukuna, sannan ya tabbatar da gajeriyar, domin ba kowace tambaya ce ke zuwa da irin wannan sa'ar ba. Ko ka sa u = 1 a ɓangarorin biyu: hagu 1/2, dama 1 − 1 + 1 − 1/2, shi ma 1/2. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba.

Mataki na biyar: intigireshan, sannan komawa ga x

```
6 ∫ [u² − u + 1 − 1/(u + 1)] du
= 2u³ − 3u² + 6u − 6 ln(u + 1) + C
= 2√x − 3∛x + 6x^(1/6) − 6 ln(1 + x^(1/6)) + C
```

Tambayar da x ta zo, don haka da x za a mayar da amsa. Ba sai ka yi sabon lissafi ba, layukan nan uku na mataki na biyu suna nan: u³ shi ne √x, u² shi ne ∛x, u kuma x^(1/6). Ban sa sandunan | | a cikin ln ba saboda u ≥ 0, don haka u + 1 ba zai taɓa sauka ƙasa da 1 ba.

In kana son tabbatar da amsar ta hanyar difarenshiyeshan, yi shi tun tana cikin u. Difarenshiyeshan na 2u³ − 3u² + 6u − 6 ln(u + 1) yana ba da 6u² − 6u + 6 − 6/(u + 1), in ka haɗa su bisa (u + 1) kuma za ka koma 6u³/(u + 1). Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kokawa da x^(−5/6).

Idan an ba da iyakoki

A ce an ce a nemo wannan intigiral ɗin daga x = 1 zuwa x = 64. Ba a banza mai tambaya ya zaɓi 64 ba, 2⁶ ne. Wannan ma alama ce: idan iyakar sama 64 ce ko 729, akwai yiwuwar u⁶ ake nufi, domin 729 shi ne 3⁶. Sauya iyakokin a daidai lokacin da kake fitar da dx. x = 1 yana ba da u = 1, x = 64 yana ba da u = 2. Daga nan ba ka da sauran buƙatar komawa ga x.

```
u = 2:  16 − 12 + 12 − 6 ln 3 = 16 − 6 ln 3
u = 1:  2 − 3 + 6 − 6 ln 2 = 5 − 6 ln 2
amsa:   11 − 6 ln(3/2) ≈ 8.567
```

Ta yaya za ka san 8.567 ta yi kama da gaskiya? Dubi abin da ke cikin intigiral ɗin na asali a iyakokin biyu. A x = 1 darajarsa 1/(1 + 1), rabi ke nan. A x = 64 darajarsa 1/(8 + 4), wato 1/12. Tsakaninsu raguwa kawai yake yi. Faɗin tazarar 63 ne. Don haka amsar ba za ta yi ƙasa da 63 × 1/12 = 5.25 ba, ba kuma za ta wuce 63 × 1/2 = 31.5 ba. 8.567 tana ciki, kuma ta fi kusa da ta ƙasan, abin da ya dace, tunda darajar tana faɗuwa da sauri tun a farkon tazarar: a x = 8 ma ta riga ta sauko kusan 0.21.

Wannan ɗan awon yana kama manyan kurakurai biyu da nake yawan gani a takardun gwaji. Wanda ya manta 6u⁵, ya mayar da dx ya zama du kawai, zai ƙare da kusan 0.21 a matsayin amsa, ƙasa ƙwarai da 5.25. Wanda kuma ya bar iyakokin x ya zuba 64 a gurbin u zai sami abin da ya haura dubu ɗari biyar. Na taɓa karɓar takardar da aka rubuta irin wannan amsar, aka ja mata layi biyu a ƙasa da jan biro, duk sauran aikin kuma daidai yake tun daga sama. Abin ya dame ni, domin yaron ya iya lissafin, duban minti ɗaya ne kawai bai yi ba. In kana da kalkuleta irin Casio fx-991 mai maɓallin ∫, kana iya buga tambayar ta asali da iyakokinta lokacin bita a ɗaki ka gwada da amsarka, amma awon hannu shi ne wanda ba mai hana ka shi a ɗakin jarrabawa.

Akwai tarko guda da alamar ɗebewa ke kawowa. Sauya tambayar ta zama 1/(√x − ∛x). Matakan duk iri ɗaya ne, kuma amsar ita ce 2u³ + 3u² + 6u + 6 ln|u − 1| + C. In aka ce daga x = 0 zuwa x = 64, ka zuba u = 2 da u = 0, za ka sami 40 cif, lamba mai kyan gani. Amma a x = 1, √x da ∛x duk 1 ne, ƙasan firakshan ya zama sifili, darajar ta tafi ba iyaka a tsakiyar tazarar. Wannan intigiral ɗin ba shi da amsa a wannan tazarar, 40 ɗin kuma ba ta halatta ba. Saboda haka bayan ka soke abin da zai soku, dubi abin da ya rage a ƙasa, ka tambayi kanka a wane u yake zama sifili, kuma ko wannan u ɗin yana tsakanin iyakokinka. A nan sandunan | | ma wajibi ne, domin u − 1 yana ƙasa da sifili idan x bai kai 1 ba.

Idan abin da ke cikin tushen ba x ne tsura ba

In ka ga √(x + 1) da ∛(x + 1), ko (2x − 5) a ƙarƙashin duka tusoshin, ba abin da ya sauya. Abin da ke ciki gaba ɗaya shi za ka daidaita da u⁶. x + 1 = u⁶ yana ba da x = u⁶ − 1, dx kuma 6u⁵ du. 2x − 5 = u⁶ yana ba da x = (u⁶ + 5)/2, dx kuma 3u⁵ du. Idan akwai wani x a waje, shi ma a musanya shi. Sharaɗin dai shi ne abin da ke ƙarƙashin kowane tushe ya zama iri ɗaya.

Tushe a cikin tushe

A nan nake so a natsu, domin dokar LCM da muka yi amfani da ita a sama tana iya ɓatar da mutum. Ɗauki wannan:

```
∫ dx / √(1 + ∛x)
```

Wata ɗaliba 'yar Talata Mafara, da na rubuta wannan a allo, ba ta jira ba ta ce, "Malam, ai wanga ma shida ne, ga biyu ga uku." Na ce, "To Malama, zo ki gwada mu gani." Ta karɓi alli ta sa x = u⁶, ∛x ya zama u², sai ga √(1 + u²) a ƙasa ya tsaya ƙyam. Ta juyo ta ce, "Mi ya hana shi fita?" Abin da ya hana shi shi ne tusoshin biyu ba a kan abu ɗaya suke ba. Na uku yana kan x, na biyu kuma yana kan 1 + ∛x. LCM tana aiki ne idan tusoshin suna jere gefe da gefe a kan abu guda.

Idan wani yana cikin wani, sai ka ɗauki na wajen gaba ɗayansa ka kira shi u, sannan ka warware daga waje zuwa ciki har x ya tsaya shi kaɗai:

```
u = √(1 + ∛x)
u² = 1 + ∛x
∛x = u² − 1
x = (u² − 1)³
dx = 3(u² − 1)² · 2u du = 6u(u² − 1)² du
```

Kowane layi abu ɗaya yake yi. Na biyu ya cire tushen waje, na uku ya kwashe 1 zuwa ɗaya ɓangaren, na huɗu ya cire tushen ciki. x ya fito ba tushe, don haka mun san musanyar za ta yi tun kafin mu koma kan intigiral ɗin. A layin dx, kada a manta 2u ɗin da ke fitowa daga cikin baka. In ya ɓace, u ɗin da ke ƙasa ba zai sami abin da zai soke shi ba, sai ka ga ln ta ɓullo a amsar da bai kamata ta kasance da ita ba. Wannan ita ce alamar da za ka gane ka yar da shi.

```
∫ 6u(u² − 1)² du / u = 6 ∫ (u⁴ − 2u² + 1) du
= (6/5)u⁵ − 4u³ + 6u + C
```

Ba ma rabawa a wannan karon. In iyakokin daga x = 0 zuwa x = 27 ne, a x = 0 u ya zama √1 = 1, a x = 27 kuma √(1 + 3) = 2. Lura cewa x = 0 bai ba da u = 0 ba. Hannu yakan yi saurin rubuta sifili a iyakar ƙasa saboda sabo. A u = 2 ana samun 38.4 − 32 + 12 = 18.4, a u = 1 ana samun 1.2 − 4 + 6 = 3.2, bambancin 15.2, wato 76/5. Awon hannu: darajar tana sauka daga 1 zuwa rabi a tazara mai faɗin 27, amsar dole ta faɗa tsakanin 13.5 da 27. Ta faɗa.

Ga ɗaya ka gwada da kanka: ∫ √(1 + √x) dx daga 0 zuwa 9. Za ka sami x = (u² − 1)², dx = 4u(u² − 1) du, amsar ƙarshe kuma 232/15. A wannan, sharaɗin shi ne u ≥ 1, domin √x = u² − 1 ba zai yi ƙasa da sifili ba.

Inda dabarar ke tsayawa

Ba kowane tushe ne wannan musanyar ke fitarwa ba, kuma gara ka gane haka a layi na uku da ka gane bayan ka cika shafi biyu. Gwajin dai shi ne wanda muka fara da shi: warware x da u, ka ga ko tushe ya dawo.

Ɗauki ∫ √(1 + x²) dx. Sa u² = 1 + x². Sai x = √(u² − 1), dx kuma ya zo da wannan tushen a ƙasansa. Ka kori ɗaya, wani ya shigo. Wannan tambayar ta musanyar tirigonometiri ce, x = tan θ. Amma da a ce x³√(1 + x²) ne, u² = 1 + x² za ta yi, domin x dx = u du, sauran x² ɗin kuma u² − 1 ne, ba a buƙatar x shi kaɗai ko sau ɗaya.

Haka kuma in tusoshin suna kan abubuwa mabambanta, kamar 1/(√(x + 1) + √x). x = u² zai bar maka √(u² + 1). A nan sai ka ninka sama da ƙasa da √(x + 1) − √x. Ƙasan zai zama (x + 1) − x = 1, abin da ya rage kuma √(x + 1) − √x ne, wanda kowa zai iya yi kai tsaye.

Akwai kuma waɗanda ba wata musanya da za ta yi musu, komai ƙwarewar mutum. Masanin lissafi ɗan Rasha, Pafnuty Chebyshev, ya tabbatar a 1853 cewa intigiral mai siffar

```
∫ x^m (a + b·x^n)^p dx
```

inda m, n da p firakshan ne ko cikakkun lambobi, yana da amsa da fomulolin da muka saba da su ne kawai idan ɗaya daga cikin abubuwa uku ya zama cikakkiyar lamba: p, ko (m + 1)/n, ko (m + 1)/n + p. Ina ganin ya kamata kowane ɗalibin kalkulas ya san wannan, domin kowane hali yana gaya maka musanyar da za ka ɗauka. Idan p ce cikakkiya, dokar LCM ce ta farkon bayanin nan. Idan (m + 1)/n ce, ka daidaita abin da ke cikin baka da pawar u, kamar yadda muka yi da tushe cikin tushe. Duba da misalinmu: 1/√(1 + ∛x) yana da m = 0, n = 1/3, p = −1/2, don haka (m + 1)/n = 3, cikakkiya, shi ya sa ya warwaru. √(1 + x²) kuwa yana da (m + 1)/n = 1/2, wadda ba ta cika ba, shi ya sa u² = 1 + x² ta gaza; amma 1/2 + 1/2 = 1, hali na uku ke nan, don haka yana da amsa ta wata hanyar.

Yanzu gwada √(1 + x³). A nan m = 0, n = 3, p = 1/2. Lambobin uku su ne 1/2, 1/3 da 5/6, babu cikakkiya ko ɗaya. Kada ka ɓata dare kana neman u, babu shi. In ka ci karo da irinsa da iyakoki, ƙiyasi ake so. Daga x = 0 zuwa x = 2, dokar Simpson da yanka huɗu, kowanne mai faɗin 0.5, tana amfani da darajoji 1, 1.0607, 1.4142, 2.0917 da 3. Ninka na biyu da na huɗu sau 4, na tsakiya sau 2, ka tara duka ka sami kusan 19.438, sannan ka ninka da 0.5/3. Amsar ta zama kusan 3.24.